Yadda za ka yi taron suna a Makka da riyal 5,000 ba tare da ka ci bashi ba

Yawancin magidanta daga jerin abubuwan da ake so suke fara lissafin suna: rago, istiraha wato gidan taro na haya, ɗinki, lemo, kayan rabo. Sai an gama jerawa a tara, a ga jimilla ta ninka abin da ke hannu, daga nan a shiga neman rance. Wanda kuɗinsa ƙididdigagge ne ta ɗaya gefen ya kamata ya faro. Ya fara cire abin da ba na taro ba, ya cire rago, sannan ya raba abin da ya saura da kuɗin da bakin mutum ɗaya zai ci. Amsar da ta fito ita ce yawan bakunan da zai iya ciyarwa. Gayyata ita ce aikin ƙarshe.

Zan bi lissafin da misali guda. A ce kai direba ne a Makka, kana haya a ɗaki biyu da falo wajen Shara Mansur, maiɗakinka ta haifi namiji, abin da ka tara kuma riyal 5,000 ne. Farashin da zan sa na misalin ne, kai sai ka musanya shi da abin da ka tarar a kasuwa a makon da kake ciki. Tsarin ne ba ya canjawa.

Kuɗin da ke hannu, da abin da za a fara cirewa

Ka ƙirga abin da ke aljihunka ko asusunka yau. Alkawarin da kafili, wato ubangidanka na aiki, ya yi maka ba kuɗi ba ne tukuna. Kwasar adashin da za ta zo wata mai kamawa ba kuɗi ba ce. Kuɗin barka da kake sa ran 'yan uwa za su kawo ma kada ka sa su a lissafi, don ba ka san nawa ba ne, kuma mafi yawansu hannun mai jego suke shiga, nata ne. Idan ka tsara taro a kan kuɗin da ba su iso ba, ranar da mai matbak, wato gidan dafa abincin taro, zai ce a cika masa kuɗinsa za ka tsaya kana buga waya.

Daga cikin 5,000 ɗin, fara da ware 1,000 na mai jego da takardun jariri. Wannan ne mutanenmu suka fi mantawa, kuma shi ne ya bambanta suna a nan da suna a Kano ko Damagaram. Bayan asibiti ta ba da sanarwar haihuwa, akwai rajista a ofishin Ahwal, wato hukumar rajistar jama'a, don karɓar takardar haihuwa, kuma jinkirta ta fiye da kwana 30 yana iya jawo tara. Akwai fasfo, wanda ga ɗan Najeriya yake nufin zuwa ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda, da kuɗin mota da hoto da yinin da ba ka yi aiki ba. Akwai sa yaro a igama, wato takardar izinin zama. Ga wanda dokar ta shafa kuma, kuɗin iyali da ake biya wa kowane mutum da ke ƙarƙashin baƙo ya kai riyal 400 a wata tun 2020, don haka sabon jariri sabon nauyi ne na kowane wata. Dubu ɗayan nan ba zai ɗauke duka ba, amma zai sa ka fara takardun a kan lokaci. Rabinsa kuma na cikin mai jego ne: nama, kayan yaji, gero da kanwa na kunu, maganin da likita ya rubuta, da kunzugun jariri na makonnin farko. Macen da ta haihu kwana bakwai da suka wuce ta fi kowane baƙo cancantar cin nama a gidan.

Sai ka cire wasu 500 ka sa a ambulan daban, ka ba wanda ba ya jin kunyar ce maka a'a ya riƙe. Na ko-ta-kwana ne: jariri ya yi shawara a koma asibiti, rago ya tashi fiye da yadda ka zata, baƙi su sauka daga Jidda ba sanarwa. Sharaɗinsa ɗaya, ba a taɓa shi kafin ranar suna don ƙara ado ko ƙara lemo.

Saura 3,500. Wannan ne ainihin kuɗin sunanka, kuma wannan adadin za ka faɗa wa maiɗakinka da duk wadda za ta jagoranci girki, ba 5,000 ba.

Rago

A nan ne maƙwabtanka Larabawa za su ce maka namiji raguna biyu ake yanka masa, mace ɗaya. Haka mazhabar Hambaliyya da ake bi a ƙasar nan ta tafi, kuma suna da hujjarsu ta hadisi. Mu kuma da muka tashi a kan Malikiyya mun karanta a Risala cewa dabba ɗaya ce ake yankawa ran bakwai, namiji ne ko mace. Saboda haka mai riyal 3,500 da ya yanka rago ɗaya bai tauye ɗansa ba, kuma bai kamata kunyar maƙwabta ta kai shi cin bashin na biyu ba. Idan daga baya Allah ya buɗa kuma yana son bin ɗaya fahimtar, ya tambayi malaminsa.

A kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya, ko ta Khumra ga mutanen Jidda, za ka tarar da raguna iri-iri. Najdi da Na'imi su ne na manya, su suka fi tsada. Harri ɗan Hijaz ne, yana tsakiya. Sawakni, wanda ake shigowa da shi daga Sudan, doguwar ƙafa da doguwar wutsiya, ya fi sauƙin kuɗi kuma namansa ba ya da kitse da yawa, abin da ya dace da suyar da matanmu ke yi. Barbari na Somaliya, mai baƙin kai, ƙarami ne kuma yawanci shi ya fi araha. Ga misalinmu na sa Sawakni matsakaici a 1,200.

Sharuɗɗan ragon suna su ne na layya, don haka araha ba za ta sa ka ɗauki gurgu ko mai ido ɗaya ko ramamme ba. Ka sa a tayar da shi ya yi tafiya a gabanka. Ka buɗa bakinsa ka ga haƙora, ka duba hanci ko yana yoyo, ka duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai alamar zawo. Kada girman ciki ya ruɗe ka, dabbar da ta sha ruwa ta ƙoshi cikinta ya kan yi tulu. Ɗora tafin hannu a gadon bayansa ka matsa: in ƙashin baya yana sukar hannunka, nama kaɗan ne a jikinsa komai tsayinsa. Ka tafi da wanda ya saba da kasuwar, kuma kada ka faɗi abin da ke aljihunka kafin mai rago ya yi suna.

Farashin rago ba shi ne ƙarshen kuɗin rago ba. A nan ba a yanka a ƙofar gida kamar yadda muke yi a gida, hukumar birni ta hana, sai a mayanka. Akwai kuɗin yanka da fiɗa, akwai na daddatsawa, akwai ɗan dako da motar da za ta kawo naman. Sa 100 a kan haka, jimilla 1,300. Amfanin mayanka shi ne likitan dabbobi yana duba naman, amma ka tsaya da kanka har a gama, ka karɓi kai da ƙafa da kayan ciki, don da su za a yi wa mai jego farfesu.

Lokaci ma yana taɓa farashi. In haihuwar za ta faɗo dab da azumi ko cikin goman farko na Zulhajji, dabbobi na tashi, ga cunkoson Makka da ke sa kowane dako ya yi tsada. Wanda ya san lissafin cikin matarsa zai kai can, ya ƙara wa ambulan ɗin rago 200 ko 300 tun da wuri, ya rage daga ɗinki.

Kuskuren da ke rusa lissafi a nan shi ne ɗaukar ragon suna a matsayin naman da zai ciyar da taro duka. Rago matsakaici, bayan an fiɗe an cire kai da ciki, bai fi kilo 15 zuwa 18 ba, har da ƙashi. A cikinsa akwai na sadaka, akwai na maƙwabta da dangi, akwai na mai jego da za a soya a ajiye mata. Abin da zai shiga tukunyar baƙi bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Saboda haka naman taro kaza ce, a lissafta ta daban.

Saura 2,200.

Ƙananan abubuwa uku

Ɗinkin fitar suna na mai jego, 400. Kaya ɗaya mai kyau ya wadatar, kuma a kai wa tela tun ciki yana wata takwas, don ɗinkin gaggawa kuɗinsa daban. Anko ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. In ƙawaye sun fitar da shi, kowa ta saya da kuɗinta.

Askin jariri, sadakar nauyin gashinsa na azurfa, da ɗan tukuicin malamin da zai yi addu'a da dattijuwar da ke yi wa jariri wanka, 150. Sadakar gashin ba ta da yawa, gashin jariri bai kai nauyin da zai ba ka tsoro ba.

Wuri, 150, wato a gida. Kuɗin na ledar shimfiɗa ne, farantai da kofunan roba, ledar shara, da ɗan abin da za ka ba mai gadin bene. Na san zuciya tana son istiraha, musamman in ɗakunan ƙanana ne. Amma duba lissafin: bayan waɗannan ukun abin da ya rage 1,500 ne. Istirahar da aka kama a 800 ta cinye fiye da rabin abincin, kuma babban wuri yana kiran babban taro, ga motar kai mata da dawo da su. Mai 5,000 ya roƙi maƙwabcinsa aron falo, maza su zauna can ko a harabar masallacin unguwa in liman ya yarda, mata su zauna a gida. Wanda kuɗinsa ya kai ya kama istiraha, ya nemi daren da ba na Alhamis ko Juma'a ba, don su ne masu tsada, ya kuma tambaya a fili ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin 100, da kuɗin shara, da kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna.

Mayar da 1,500 zuwa bakuna

Taron maza ba shi da wuyar lissafi. Ana raɗa suna, a yi addu'a, a sha gahawa da shayi, a ci dabino, a raba goro da alewa, kowa ya kama hanyar aikinsa. Mutum 25 a kan riyal 8 kowanne, 200 ke nan. Ka sa lokacin bayan sallar asuba ko bayan la'asar. In ka ce bayan isha'i, a al'adar garin nan ka kira mutane cin abincin dare ne, kuma wanda ya zo zai zauna jiran faranti.

Saura 1,300, kuma duka na yinin mata ne. Nan ne kasafin suna yake tsayawa ko ya rushe, don haka a nan za a zauna da takarda da biro, kai da maiɗakinka da babbar macen da za ta riƙe kicin.

Fara da shinkafa, don ita ce ma'auni. Kilo ɗaya na basmati yana ciyar da manya shida zuwa bakwai in akwai abin haɗawa. Buhu mai kilo 10 ke nan zai ɗauki baki 50 har a samu na aika wa maƙwabta. Na sa shi a 90. Kaza ɗaya a raba huɗu, kaji 12 sun ba da yanka 48, a haɗa da kason ragon da aka ware wa baƙi, kowa ya samu nama. Na sa su a 200, na daskare, a saya a kwali. Mai, albasa, tumatir, attaruhu da kayan ƙamshi 200, kuma a sayo kayan miya a babbar kasuwar kayan gwari, a kwando, ba a bakala ba, wato kantin unguwa. Gas 50, a tabbatar akwai tukunya ta biyu cike. Waina da miyar taushe 160, don sunan Bahaushe da babu abin gida a ciki mata za su yi ta maganarsa. Ruwa da abin sha 250. Tukuicin matan da suka kwana a kan girki 200. Ɗan ƙullin cincin da alewa na yara 150. In ka tara, 1,300 cif.

Raba 1,300 da 50, kowane baki ya tashi a riyal 26. Ka riƙe wannan adadin da kyau, domin da shi za ka amsa duk wata buƙatar ƙari.

Baki 50 ba ya nufin a gayyaci mata 50. Mace ba ta zuwa suna ita kaɗai, akwai goyo, akwai 'yan biyu a hannu, wani lokaci da ƙanwar miji. Ga masu girki, ga mutanen gida, ga maƙwabtan bene da ba sa buƙatar gayyata. Don a ciyar da 50, sunayen da za a rubuta kada su wuce 30. Kuma a kira kowace a waya ita kaɗai. Saƙon gayyata da aka jefa a zauren WhatsApp na matan unguwa ko na 'yan garinku ya fita daga hannunka, ba ka da sauran iko da yawan masu zuwa.

Za a zo maka da ƙari, kuma daga bakin wadda ba ka iya yi wa musu. Gwaggon maiɗakinka za ta ce, "Ai ba a yi haka ba, ɗan nan. Mutanen Rusaifa fa? Sun yi mana kara lokacin bikin yarinyar nan." Kada ka ce babu kuɗi, don wannan amsar ba ta gamsar da kowa. Ka ce, "Gaskiya ne, Gwaggo, sun cancanta. Su nawa ne? In su goma ne da yaransu, baki goma sha biyar ke nan, kusan riyal ɗari huɗu. Ki duba mana takardar nan, me za mu cire?" Sau da yawa da kanta za ta ce a bar ƙullin rabo, ko a aika musu da naman suna gida, ko ta ce ita za ta ɗauki nauyin wainar. Ka girmama ta, lissafin kuma bai motsa ba.

Game da abin sha, lemon gwangwani shi ne ramin da ba ya cika. Yara su buɗe, su kurɓa sau biyu, su ajiye. Zoɓo da kunun aya da aka haɗa a gida aka zuba a manyan kuloli sun fi auki nesa ba kusa ba, ga zoɓon Sudan ana samunsa a shagunan kayan ƙamshi. Ruwa kuwa kada a yi masa ƙwauro a zafin Makka, amma a sayi ƙananan robobi, don babbar roba rabi ake sha a yar.

In babu matan da za su yi girki, sai matbak. Ka kai musu naka naman su dafa da shinkafarsu, ko ka sayi farantan shinkafa da kaza. Ka tambayi faranti ɗaya mutum nawa yake ɗauka, ka rage ɗaya daga abin da suka faɗa, ka karɓi rasit mai ɗauke da ranar, da sa'ar, da adadin farantai, da abin da ka bayar na kafin alƙalami. Kuɗin baki ɗaya zai haura 26, saboda haka sunayen gayyata su ragu daidai da haka.

Yadda za ka gane lissafi ya fara zamewa

Kowane kaso ya zauna a ambulan ɗinsa da tsabar kuɗi, a rubuta sunansa a baya. Katin banki yana da daɗin shafawa, shi ya sa ba ka jin fitar ashirin da talatin har sai sun zama ɗari biyar. Mutum ɗaya ne zai riƙa sayayya, kuma duk rasit ya koma cikin ambulan ɗin da kuɗin ya fito.

Alama ta farko ita ce ka ji kanka kana cewa "a ɗauka daga na takardu, in kuɗin barka sun shigo a mayar". Ba a cika mayarwa ba. Ta biyu, a fara aiken yaro bakala da daddare ana cewa a rubuta a littafi. Ta uku, kwana biyu kafin suna a ce buhun shinkafa ɗaya ba zai isa ba. Wannan yana nuna gayyata ta wuce 30 ba da saninka ba, don haka kafin ka sayi buhu na biyu, ka zauna a sake ƙirga sunaye, domin ƙarin shinkafa yana jan ƙarin kaza da mai da ruwa. In dole ne a rage wani abu, a fara da ƙullin rabo, sai abin sha ya koma zoɓo da ruwa kawai, sai waina ta zama ta manyan mata. Ba a rage na mai jego, ba a kuma sauko da rago ƙasa da sharaɗinsa.

Akwai kuma kiran waya daga gida. Iyaye a Najeriya ko Nijar za su so a yi ɗan taro a can ma, tunda jikansu ne. In ka san haka za ta taso, ka yanka mata kaso tun farko daga cikin 1,500 ɗin, ko da 200 ne na goro da alewa da addu'a a zaure, ka rage baki takwas daga taron nan. Ka faɗa musu adadin kafin ranar, da bakinka, don kada wani ya ci bashi da sunanka a can.

Idan haihuwar ta zo da tiyata kuma asibiti ta cinye rabin abin da ka tara, tsarin bai canja ba, adadin ne ya sauka. Na mai jego da takardu su fara fita, sai rago, a raɗa suna ran bakwai da dabino da gahawa, a raba nama gida-gida. Yinin mata ana iya ɗaga shi zuwa arba'in, lokacin mai jego ta warware kuma albashi ya sake shigowa.

Washegarin suna, kafin gajiya ta sa a manta, ku zauna ku rubuta duk wanda ya kawo gudunmawa da abin da ya kawo, kuɗi ne ko kwalin ruwa ko turmin atamfa, domin biki ne, ranar nasu za a duba. Sannan ka karɓo ambulan ɗin 500. In yana nan yadda yake, ka haɗa shi da na takardu, ka nemi ranar zuwa Ahwal a cikin makon.